Kwana uku ban kai rahoton firij ba, yanzu an ba ni kweri: me zan rubuta?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da dogon saƙo a daren nan, na rasa wanda zan tambaya ne. Ni ce mai kula da rigakafi a wani ƙaramin asibiti a nan cikin Kaduna, ba zan faɗi sunansa ba. Ranar Juma'a da yamma na duba firij ɗin allurai yana kan digiri 5, na rubuta a takarda na tafi gida. Asabar da safe ban je ba, muna da suna a dangi. Sai ƙarfe 5 na yamma na leƙa, na tarar babu wuta tun daren Juma'a, murfin firij bai rufu sosai ba, ma'auni yana kan 13, firij-tag kuma, wato na'urar da ke bibiyar sanyin firij, ya nuna alamar gargaɗi. Na kwashe allurai na zuba a akwatin sanyi da ƙanƙara, na duba tambarin jikin kwalabe mai canza launi in allura ta sha zafi, duk lafiya lau. Lahadi wuta ta dawo na mayar da su. Litinin muka yi rigakafi kamar kullum. Ban sanar da jami'in sanyi na ƙaramar hukuma, mai kula da ajiyar allurai, ba sai Talata ƙarfe 9 na safe. Yau Laraba an miƙo mini kweri, an ce cikin awa 48 in bayyana dalilin jinkirin. Ba na son in yi ƙarya, ba na kuma son a ga kamar ina wanke kaina. Me zan rubuta?

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Anti, wannan ai ba abin hana ido barci ba ne. Ki ce kin yi ta kiran jami'in ranar Asabar layi bai shiga ba, Lahadi kuma babu aiki, Litinin mata sun cika asibiti. Wa zai ce ƙarya ne? Kowa ya san halin sabis a garin nan.

Anti Barnawa: Ƙanena, ni zan ce ƙarya ne, don irin wannan takardar ce ke zuwa teburina kusan kowane wata. Abu na farko da ake yi shi ne a ce miƙo wayarki mu ga kiran. In babu, an gama da ke. Da farko laifinki jinkiri ne, yanzu ya koma ƙarya a rubuce da sa hannunki a ƙasa, kuma ita ce ke zama a fayil. Ko da ma kin kira sau ɗaya bai shiga ba, za a tambaye ki ina saƙon tes, ina WhatsApp. Maman Ilham, kin kira shi ko sau ɗaya kafin Talata?

Maman Ilham: Ban kira ba Anti. Incajinmu kaɗai na kira, ranar Lahadi da hantsi. Ta ce tunda tambarin kwalabe bai canza ba in bari sai Litinin mu yi magana. Litinin kuma ba mu yi maganar ba, ni ban tada ba, ita ma ba ta tada ba.

Sista Kawo: Ni dai shawarata kada ki ja dogon zance. Layi uku: na amsa laifina, ina neman afuwa, ba zai sake faruwa ba. Manya ba sa son bayani, suna son su ga kin sunkuyar da kai. Na taɓa yin haka aka yafe mini.

Baba Mai Sanyi: Salamu alaikum. Na daɗe ban yi magana a zauren nan ba, amma wannan aikina ne na shekaru kafin in yi ritaya. 'Yata, kafin a zo kan takarda, amsa mini abu biyu. Ƙanƙarar da kika sa a akwatin, daga ina ta fito, kuma kin bar ta ta saki kafin ki zuba allurai? Sannan yara nawa kuka yi wa allura ranar Litinin?

Maman Ilham: Baba, daga firizar wani mai sayar da ruwan sanyi a layinmu na karɓo, yana da janareto. Da ƙarfinta na jera ta, don ina sauri. Yara 23 ne, 14 daga ciki sun karɓi penta, allurar nan mai kare cuta biyar.

Baba Mai Sanyi: To kin ga inda gizo ke saƙa. Ke zafi kike tsoro, ni kuma sanyin nan ne ya fi tada mini hankali. Tambarin da kika duba, murabba'in nan da ke cikin da'ira, zafi kaɗai yake nunawa. In murabba'in ya fi da'irar haske, zafi bai cinye allurar ba, wannan kin karanta daidai. Amma ko kwalba ta daskare ta narke sau uku, tambarin ba zai motsa ba. Penta, da allurar tetanas ta masu ciki, da ta ciwon hanta, da ta nimoniya, duk daskarewa tana lalata su, kuma ba sa dawowa. Shi ya sa ake ajiye ƙanƙara a waje tukuna har sai an girgiza an ji ruwa yana motsi a ciki, sannan a jera ta a akwati.

Da kin kira jami'in ranar Asabar da yamma, cikin minti biyu zai gaya miki haka, ko ya ce ki kawo su ma'ajiyar ƙaramar hukuma. Da kin kira Lahadi, zai ce kada a taɓa penta sai an yi gwajin girgiza. Wannan shi ne abin da jinkirin ya ci, kuma shi ya kamata ya fito a takardarki. Don haka Sista Kawo, ki yi haƙuri, layi uku ba zai yi ba a nan. Mutumin da ya rubuta kwerin yana da yara 14 da zai yanke hukunci a kansu, ko a sake musu allura ko a'a. Neman afuwa ba zai gaya masa awa nawa kwalaben suka yi jikin ƙanƙara ba.

Maman Ilham: Innalillahi. Baba wallahi ban kawo daskarewa a raina ba ko kaɗan.

Baba Mai Sanyi: Wannan jimlar da kika rubuta yanzu, ita ce gaskiyar, ita za ki sa. Ba ki kawo ba. Kada ki firgita tukuna, ba a tabbatar sun daskare ba. Za a ɗauki kwalba ɗaya mai lambar rukuni iri ɗaya a daskarar da ita da gangan har ta yi tauri, a bar ta ta narke, a girgiza ta tare da taki, a ajiye su gefe da gefe a ga wadda abin cikinta zai riga kwantawa a ƙasa. In taki ta fi jinkirin kwantawa, lafiya take. In sun kwanta tare ko taki ta riga, ta lalace. Aikin jami'in ne, ba naki ba. Naki shi ne ki ware sauran kwalaben, ki rubuta a jiki kada a yi amfani da su, su ci gaba da zama a firij tsakanin 2 da 8.

Maman Ilham: An ware su tun Talata, shi ya ce a yi haka. Ga abin da na fara rubutawa ɗazu. Da Hausa na yi, in ya zauna sai in mayar da shi Turanci:

"Kamar yadda kowa ya sani, matsalar wuta ta daɗe tana damun asibitinmu, kuma ni kaɗai ce a sashen rigakafi. Duk da haka na yi iya ƙoƙarina na ceto alluran. Ban kai rahoto da wuri ba saboda ƙarshen mako ne kuma na sanar da shugabata. A shekara shida da na yi ina aiki ba a taɓa samuna da laifi ba. Idan an ga na yi kuskure ina neman afuwa."

Anti Barnawa: Allah ya ba ki haƙuri, amma da wannan ta zo hannuna da na ja layi a ƙarƙashin kusan kowace jimla. Babu ƙarya a ciki, na yarda. Sai dai kin karanta tambayar da aka yi miki? Ba a ce me ya sa firij ya yi zafi ba. An ce me ya sa kika yi shiru daga Asabar ƙarfe 5 zuwa Talata ƙarfe 9, awa 64 ke nan. Rashin wuta shi ya ɗumama firij, amma bai riƙe miki hannu ya hana ki danna waya ba. Duk lokacin da mutum ya amsa tambayar jinkiri da dalilin abin da ya faru, mai karatu yana ji a jikinsa cewa ana kewaye da shi.

"Kamar yadda kowa ya sani" kuma faɗa ne, kina gaya wa ogan cewa laifinsu ne tun kafin ki ce komai. Shekara shida ki bar su, suna cikin fayil ɗinki, in wani zai ambata to shi ya ambata. Mafi muni ita ce ta ƙarshe: "idan an ga na yi kuskure." Wato ke ba ki gani ba. Cire "idan".

Yanzu tsakaninki da Allah, ba don takarda ba: me ya hana ki kira?

Maman Ilham: Abu biyu ne. Na ga tambarin bai canza ba sai na ce a raina ai babu ɓarna, me zan tada hankalin mutane. Na biyu kuma tsoro. In na kira za a tambaye ni awon Asabar da safe, ni kuwa ban je ba, gurbin yana nan fayau a takarda.

Ɗan Tudun Wada: To ki cike gurbin mana, ki sa 6. Biro ne fa kawai.

Baba Mai Sanyi: Kul! Ɗana, kada in sake jin wannan. Firij-tag yana riƙe da tarihin kwana 30, kuma ba ya buga gargaɗin zafi sai firij ya wuce 8 na awa 10 a jere. Tunda ta tarar da alamar ƙarfe 5 na yamma, lissafi ya nuna kafin 7 na safe ya riga ya haura. Ka rubuta 6 a safiyar da na'ura ta ce ya wuce 8, ka rubuta wa kanka takardar kora da hannunka. Gurbin da babu komai yana cewa ba ta zo ba. Gurbin da aka cike yana cewa duk sauran lambobin watan ma abin tuhuma ne.

Ɗan Tudun Wada: Allah ya huci zuciyarku Baba, na janye. Amma fa batun tsoro, ni ban ga hikimar rubuta shi ba. Ka ce wa oga "na ɓoye don kada a kama ni"? Ai ka ba shi wuƙa da nama.

Anti Barnawa: A nan kana da rabin gaskiya. Ba sai ta yi kuka a takarda ba, kuma kalmar "ɓoyewa" ba ita za ta ɗora wa kanta ba tunda da ƙafarta ta je ta faɗa ranar Talata. Amma in ta bar dalili na biyu gaba ɗaya, takardar za ta yi rami. Mai karatu yana da jadawalin a gabansa, ya ga gurbin, ya riga ya haɗa biyu da biyu. In ita ta fara faɗa, jimla ɗaya ta wadatar, an wuce wurin. In ta yi shiru, shi zai tambaya a gaban kwamiti, kuma a lokacin duk amsar da ta bayar ta zama ta wadda aka titsiye.

Ni yadda nake bambance dalili da uzuri: dalili yana cewa ga abin da na gani, ga shawarar da na yanke, ga inda ta karkace. Uzuri yana cewa babu wata shawara da na yanke, abubuwa ne suka faɗo mini. "Na ɗauka babu ɓarna, don haka ban kira ba" dalili ne. "Ƙarshen mako ne" uzuri ne, don waya tana aiki ranar Asabar.

Injiniya Kakuri: Ni na ga kamar batun wa'adi ne. A masana'antar da nake wani yaro ya ji ciwo a yatsa, ya ɗaure da tsumma ya yi shiru, sai da ya kumbura bayan sati uku ya zo. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ma'aikaci ya sanar da mai kamfani cikin kwana 14, shi kuma mai kamfani ya kai rahoto cikin kwana 7. Ke kwana uku kawai kika yi, ai kina cikin lokaci. Ki kafa hujja da wannan.

Baba Mai Sanyi: Injiniya, waccan dokar raunin ma'aikaci ce, ba ta shafi firij ba. A aikin sanyi babu kwana 14, da ka ga gargaɗi a take ake faɗa, domin kwalba ba ta jira. In ta kawo wannan dokar za a yi mata dariya, a kuma ce tana neman mafaka.

Injiniya Kakuri: To na fahimta. Amma yaron nan namu, abin da ya cece shi shi ne da aka tambaye shi ya ce shi dai tsoron a cire shi daga kan injin ya yi, don can ake samun kuɗin ƙarin lokaci. Manaja ya yi shiru ya ce wannan ce magana ta farko mai ma'ana da ya ji a ranar.

Sista Kawo: Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne incaji. In ta rubuta cewa ta gaya mata Lahadi, ta jefa uwar ɗakinta a ruwa, kuma gobe tare za su zauna. In ba ta rubuta ba, ta ɗauki kayan mutum biyu ita kaɗai.

Anti Barnawa: Ta rubuta, amma a cikin jerin lokuta, ba a cikin dalili ba. Dubi bambancin. "Lahadi ƙarfe 11 na sanar da incaji ta waya, muka tsaya kan a tattauna ranar Litinin" labari ne, kuma kiran yana cikin waya. "Ban kai rahoto ba saboda incaji ta ce in bari" shafa wa wata kashin kaji ne, kuma ba gaskiya ba ne cikakkiya, don tsakanin Asabar da yamma da Lahadi da hantsi babu wanda ya ce mata ta bari. Kuma kafin ta miƙa, ta je ta nuna wa incajin layin, ido da ido. Ba izini za ta nema ba, don dai kada matar ta fara ji daga sama.

Baba Mai Sanyi: A nan na ɗan saba da ke Hajiya. "Muka tsaya kan" ta yi laushi. Incaji ce ta ce a bari, a rubuta ta ce a bari. Ba don a hukunta ta ba. In shugabar asibiti ma ta ɗauka tambari yana nuna komai, to ba mutum ɗaya ke buƙatar a sake koya wa ba, kuma jami'in ba zai sani ba in an lulluɓe.

Anti Barnawa: Baba, ku kuna tunanin gyaran aiki, ni ina tunanin yarinyar da za ta nemi hutun haihuwa a hannun matar nan. Duka biyun gaskiya ne, ita ta zaɓa.

Maman Ilham: Na sake rubutawa bayan asuba. Ku duba mini:

"Na kai rahoton matsalar firij ranar Talata ƙarfe 9 na safe, alhali na gano ta ranar Asabar ƙarfe 5 na yamma. Ya kamata in kira jami'in sanyi a wannan lokacin, ban kira ba.

Juma'a ƙarfe 4 na yamma awo yana kan 5. Asabar da safe ban zo na duba ba, kuma ban wakilta kowa ba. Ƙarfe 5 na yamma na tarar da 13, babu wuta, murfi bai rufu ba, firij-tag ya nuna gargaɗin zafi. Na mayar da allurai akwatin sanyi da ƙanƙarar da ban bari ta saki ba, suka kwana a ciki har Lahadi ƙarfe 2 na rana. Lahadi ƙarfe 11 na sanar da incaji ta waya, ta ce a bari sai Litinin. Litinin ban sake tada maganar ba, kuma an yi wa yara 23 rigakafi, 14 sun karɓi penta.

Dalilin jinkirin biyu ne. Na ga tambarin kwalabe bai canza ba na ɗauka babu ɓarna, ban yi tunanin daskarewa ba. Na kuma ji nauyin bayyana cewa ban yi awon Asabar da safe ba. Saboda wannan jinkiri an yi amfani da alluran da ya kamata a fara gwadawa.

Na haɗa jadawalin awo yadda yake, da lambobin rukunin kwalabe, da sunayen yaran 23 da lambobin iyayensu. Sauran kwalaben suna ware tun Talata. Na manna lambar jami'in sanyi a jikin firij, kuma daga wannan makon duk ranar da ba zan zo ba zan rubuta sunan wanda zai yi awo a madadina. Ina neman afuwa."

Anti Barnawa: Wannan takarda ce. Kin ga babu "amma" ko ɗaya a ciki? In za ki mayar Turanci ki kula, can ne mutane ke komawa "an samu jinkiri", "ba a samu damar kira ba", kamar aljani ne ya yi aikin. Inda kika ce "ban kira ba" ya tsaya ban kira ba. Sunayen yaran kuma ki sa su a takarda daban a ambulan, ga jami'in kaɗai, kada su shiga fayil ɗin kweri da kowane masinja ke buɗewa.

Ɗan Tudun Wada: Ba ta ambaci janareto ba fa. Asibiti mai firij ɗin rigakafi babu man janareto, wannan ba laifinta ba ne, kuma a bar shi ya wuce haka?

Baba Mai Sanyi: Kada a bar shi, amma ba a wannan takardar ba. Ta rubuta wata daban mako mai zuwa, ta bi ta hannun incaji, ta nemi a tsara inda za a kai allurai in wuta ta wuce awa kaza ba ta dawo ba. In ta cusa shi nan zai zama garkuwa, ba wanda zai karanta shi a matsayin buƙata. 'Yata, abu ɗaya ki ƙara: wa ya rufe firij ɗin ranar Juma'a? In ke ce, ki faɗa. In ba ki tuna ba, ki ce ba ki tuna ba, kada ki yi hasashe.

Maman Ilham: Ni ce na ƙarshe da na buɗe, amma ban tuna ko na danna murfin ba. Haka zan rubuta. Na nuna wa incaji layin Lahadi ɗazu, ta karanta sau biyu ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Ban san fassarar shirun ba.

Sista Kawo: Hmm. Allah ya kyauta. Gwajin fa, an yi?

Maman Ilham: Jami'in ya ce kwalbar gwajin tana firiza tun jiya, gobe Juma'a da safe zai zo da ita mu girgiza tare. Takardar kuma kafin ƙarfe 12 zan miƙa. Anti, in na gama Turancin in turo miki ta gefe?

Anti Barnawa: Turo kafin isha'i, bayan nan jikoki sun karɓe wayar.